Sanarwar katse ruwa ga 'yan haya

Tambaya: "Zan wanke tankin gidan hayana, ruwa zai tsaya yini guda. Yaya zan rubuta wa 'yan haya sanarwa?"

Amsa: Malam, ka fitar da ita kwana uku kafin aikin, kuma ka haɗa sunan rana da kwanan wata da lokaci, domin "gobe" ko "jibi" suna rikita wanda ya karanta takardar a makare. Misali: "Ranar Asabar, 14 ga wata, za a rufe ruwa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma saboda wankin tanki. A tara ruwa tun ranar Juma'a da dare. An ajiye duro biyu a bakin ƙofa."

Kuskuren da na taɓa yi shi ne na rubuta lokacin da mai wanki zai gama, na manta cewa sai injin tura ruwa ya sake cika tankin, ranar kuma babu wuta. Saboda haka ka ƙara awa biyu, ka tanadi janareta. Ka roƙe su su bar famfunansu a rufe, kada ruwa ya dawo ya malale ɗakin wanda ya fita. Idan za a zuba sinadarin kulorin, ƙwararren mai aikin ruwa ne zai faɗi lokacin da za a iya sha.