Ƙarar kunne ta hana ni barci, me zan rubuta wa asibiti?

"Malam, ni mai injin niƙa ne a Tawa, shekarata 46. Wata 5 ke nan kunnuwana na ƙara kamar kukan gyare, in dare ya yi sai juyi. Na kashe jika 18 a maganin ɗigawa da ƙwayoyin barci. Ina so in rubuta wa asibiti su tura ni wurin likitan kunne. Me zan ce?"

Sannu, Allah ya sawwaƙe. Kwantar da hankalinka: ƙarar da ta kama kunne biyu a hankali, ga mai wuni gaban inji, galibi alamar gajiyar ji ce, ba ciwon kisa ba.

Ka rubuta, amma ka kai da hannunka. Takardar turawa majo ko likita ne ke cika ta, kuma sai ya haska kunnen tukuna, don wani lokaci dauɗa ce ta toshe, a wanke a huta. Fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko asibitin gunduma, su ne za su tura ka babban asibitin jiha, ko Yamai in ta kama. Wasiƙar kada ta wuce rabin shafi, ko da wani zai juya maka ita zuwa Faransanci. Ga yadda za ta kasance, ka gyara abin da bai dace da kai ba:

"Ranka ya daɗe, shekarata 46, na shekara 12 ina aikin injin niƙa, awa 9 kullum. Wata 5 ina jin ƙara mai tsini a kunne biyu, ba ta yankewa, ba ta bin bugun zuciya. Ba jiri, ba ruwa. A cikin taro magana na kuɓuce mini. Barcina bai wuce awa 3 ba. Ga kwalayen magungunan da na sha. Ina roƙon a duba kunnena, a auna tansiyo, a tura ni sashen ORL, na kunne da hanci da maƙogwaro, don gwajin ji."

Kowane layi da aikinsa. Kunne ɗaya ko biyu, da bin bugun zuciya, su ne ke nuna wa likita gaggawa ko jira. Ƙarar kunne ɗaya tak, ko mai dakan "dum-dum" tare da zuciya, tana son bincike na daban. Wanda kuwa jinsa ya ɗauke farat ɗaya, ko jiri ya kayar da shi, ko bakinsa ya karkace, ba shi da lokacin wasiƙa, asibiti a ranar. Kurumtar farat ɗaya maganinta ya fi ci a cikin mako 2 na farko. Haka ma in rashin barcin ya kai ka tunanin halaka kanka, faɗa yau.

Gwajin jin, odiyogaram, ba zafi: a sa maka abin sauraro, ka ɗaga hannu in ka ji sauti. Ɓarnar inji takan fito fili wajen sauti mai tsini na hez 4000, hez kuwa ma'aunin tsinin sauti ne. In ji ya ragu, na'urar ƙara ji kan rage ƙarar ma.

To, jika 18 ɗin nan ita ta ɓata mini rai. Babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe wannan ƙara, duk mai tallan da ya rantse maka, kuɗinka yake so. Maganin da ya wuni a faranti cikin ranar Tawa, wa ya san abin da ya rage a cikinsa? Wasu magungunan ɗigawa na ɗauke da newomisin ko jantamisin, waɗanda in dodon kunne ya huje suna iya shiga ciki su ƙara kurumta ka, kuma mai faranti bai taɓa leƙa kunnen kowa ba. Kinin da asfirin mai yawa su kansu suna kawo ƙara, shi ya sa na ce ka tafi da kwalayen. Ƙwayar barci irin diyazefam kuwa jiki na sabawa da ita. In ka yi makonni kana sha, kada ka yanke dare ɗaya, likita zai rage maka sannu a hankali.

Kafin layi ya zo kanka, toshe kunne da matoshin soso na farmasi duk lokacin da inji ke aiki, auduga ba ta tare komi. Da dare kuma kada ka kwana cikin tsit: kunna fanka, ko rediyo ƙasa-ƙasa tsakanin tasha biyu. Shayin fada da goro su tsaya daga la'asar.

"Malam, an ce man tafarnuwa mai ɗumi na korar ƙarar. In gwada?" (Wata uwargida, Yamai)

A'a, Hajiya. Ƙarar daga can cikin kunne take, inda mai ba ya kaiwa, ƙuna kawai za ki jawo. Tafarnuwar ki sa ta a miya.