Cinikin wake da Yarbanci a kasuwar Bodija

"Daga Gumel nake, zan kai wake Ibadan karon farko. Waɗanne kalmomin ƙirga da na awo zan riƙe don kar a cuce ni?"

Malam, idan an ce maka "elo ni?", nawa ne ake tambaya. "O won ju" kuma ya yi tsada, mai saye yana neman ragi.

Inda baƙo ya fi faɗawa shi ne ƙirga, domin Yarbawa suna ƙirgawa da ragewa. Ogun ashirin ne, meta uku, egberun dubu. Idan ka ji "din" a tsakiyar lamba, cirewa ake yi, kamar yadda muke cewa ashirin ba uku. "Le" kuwa ƙari ne. Saboda haka egberun metadinlogun 17,000 ne, egberun metalelogun kuwa 23,000. Cikin hayaniyar kasuwa kusan iri ɗaya kunne yake jin su, alhali naira 6,000 ce tsakani. Kada ka sallama sai an rubuta maka lambar a waya ka gani da idonka.

"Apo" buhu ne, amma a bakin dattawa apo kan naira 200 ce, kamar jakarmu. Ka tabbatar wanne ake nufi.

Da kongo suke awo, kuma girmansa ba ɗaya ba ne da tiyar Gumel. Ka juye tiya guda a kongonsu kafin ka yanka farashi, ku kuma daidaita ko da tozo za a auna ko a shafe.

Cinikin buhuna da yawa kuwa, musamman na bashi, ka nemi amintaccen dillali cikin Hausawan unguwar Sabo da ke Ibadan ya tsaya maka.