Baffana ya hana mata gadon gona: in yi magana ko in yi shiru?

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu. A zaman rabon gado baffanmu ya ce gona ta maza ce, ƙannena mata a ba su kuɗi kaɗan su haƙura. Na san ba haka ba ne, amma ina tsoron a ce ba ni da kunya. Mene ne hukuncin in na yi magana?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya jiƙan mahaifinku. Ɗana, a nan yin magana wajibi ne a kanka, domin haƙƙin wasu ake shirin dannewa. A Suratun Nisa'i, aya ta 7, Allah ya yanka wa mata rabonsu cikin abin da iyaye suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, kuma bai ware gona ba. Da saɓanin naku a kan wace rana za a yi zaman ne, da na ce ka bi baffanka. Wannan kuwa yanke shi aka yi daga sama.

Girman baffa yana ba shi damar fara magana, amma ba ya rufe bakinka. Lokacin da Abdurrahman ɗan Sahl ya riga manyansa magana a gaban Annabi (SAW), sai ya ce masa a bar babba ya fara. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Su ne kuma suka ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya gane amsar tambayar da Annabi ya yi a kan bishiyar dabino, ya yi shiru saboda ƙuruciya. Da ya gaya wa mahaifinsa, Umar ya nuna masa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi.

To, yaya za ka faɗa? Kada ka katse shi, kuma in da hali kada ka gyara masa a bainar jama'a. Dattijon da aka kunyata gaban 'ya'yan ƙaninsa yakan kafe ko da ya gane gaskiya, kuma 'yan'uwanka mata ne za su yi asara. Ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha'i, ka durƙusa ka gaishe shi, ka kawo maganar a matsayin tambaya: "Baba, Allah ya ƙara girma, na ji malamai na cewa mace tana da rabin rabon namiji har a gona. Ko za mu kira malami ya raba mana?" Haka Zul-Yadaini ya yi da Annabi ya sallame a raka'a biyu: ya tambaya, an rage sallar ne ko mantuwa aka yi? Alhali Abubakar da Umar suna wurin, kwarjini ya hana su magana.

In ya ƙi, ka nemi sa'ansa ko limamin unguwa ya yi masa magana. In hakan ma bai yi ba, kai maganar gaban alƙali ya halatta, ba yanke zumunci ba ne. Kada dai ka daina gaishe shi. Wallahu a'alam.