Na yi wa shugabata ta'aziyya da "avoir le cafard", shin na yi ɓarna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki da wata ƙungiyar lafiya, kuma ina shirin zana jarrabawar Faransanci ta DELF B2. Shugabata Bafaranshiya ce. Mahaifiyarta ta rasu, sai na rubuta mata cewa "vous devez avoir le cafard", don na koya a wani bidiyo cewa ma'anarsa baƙin ciki. Amsarta kalma ɗaya ce, "merci", kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Na ɓata mata rai ne? Kuma akwai "tomber dans les pommes" da nake son in sa a rubutun jarrabawa, yanzu tsoro ya kama ni. Daga wata 'yar uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ba zagi kika yi ba, kuma wadda take cikin zaman makoki ba ta da ƙarfin rubuta wa kowa doguwar amsa. Amma tunda gaskiya kike nema, maganar ba ta zauna a wurinta ba. Ta yi wa rashin uwa ƙanƙanta.

Cafard, kamar yadda kika sani, kyankyaso ne, kuma ba a furta harafin ƙarshe, "kafar" ake cewa. Ma'anar ƙuncin zuciya ana danganta ta da mawaƙin nan Baudelaire, a littafinsa Les Fleurs du mal na 1857, daga baya sojojin Faransa da aka jibge a Arewacin Afirka suka yaɗa ta. Abin da Bafaranshe yake nufi da ita a yau wani irin ƙunci ne mai sauƙi, mai zuwa ya wuce, sau da yawa ma ba tare da wani takamaiman dalili ba. Yammacin Lahadi ne, gobe aiki, jiki ya mutu, ba ka son magana da kowa: wannan har suna suka ba shi, le cafard du dimanche soir. Ko ɗalibin da ya baro Damagaram ya tsinci kansa a birnin Lille na Faransa cikin watan Nuwamba, ruwa na ta tsiyaya, ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufa, yana zaune shi kaɗai a ɗaki yana kallon hotunan bikin ƙanwarsa a waya. In ya ce wa abokinsa "j'ai le cafard ce soir", ya faɗi daidai, babu Bafaranshen da zai ji wani baƙon abu. Wanda ya ji kuwa abin da zai ce shi ne, taso mu fita mu sha shayi. Kin ga nauyin maganar ke nan: abin da shayi da hira suke iya magancewa. Rasuwar uwa ba ta cikin wannan sahu. Can deuil ake cewa, ko chagrin, ko douleur.

Akwai kuma wani abu na biyu da ya ƙara wa jimlarki rauni. Wannan salon magana mutum kan faɗe shi ne game da kansa, ko ya tambayi na kusa da shi, "tu as le cafard ?" Haɗa shi da vous na girmamawa, ga shugaba, a rubuce, ya zama kin sa kalmar hira cikin jimlar ofis.

Gyaran ba shi da wuya, kuma kada ki tsawaita. Layi biyu sun isa: "Je me suis mal exprimée dans mon message et je vous prie de m'en excuser. Je vous présente mes sincères condoléances." Wato ban faɗi abin da nake nufi daidai ba, ki yi mini afuwa, ina miƙa ta'aziyyata. Kada ki shiga ba ta labarin bidiyo, ba lokacinsa ba ne.

Yanzu bari in zo kan abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai na gamu da shi a aji. An cusa wa masu koyo ra'ayin cewa yawan cusa irin waɗannan maganganu shi ne alamar ƙwarewa. Wani zai fito a waya da allo a bayansa, ya jero maka hamsin cikin minti goma, kowacce da fassara ta kalma ɗaya, wannan baƙin ciki, wancan suma, ya ce in ka haddace za ka yi magana kamar ɗan Paris. Ba zai gaya maka wa ake gaya wa ba, a wane wuri, da wace irin murya. Alhali rabin ma'anar a nan take. Ki buɗe ƙamus ɗin Larousse ko Le Robert, za ki ga an rubuta familier, ko a taƙaice fam., kusa da maganganun nan biyu da kika tambaya duka. Wannan 'yar alama tana nufin maganar gida ce da abokai. Masu bidiyo ita suke fara jefarwa, don ba ta kawo masu kallo.

Mu ma a Hausa mun san wannan sarai. "Ya riga mu gidan gaskiya" da "ya sheƙa barzahu" duk mutuwa suke nufi, kuma mai fassarar kalma ɗaya zai jera su a layi guda. Amma ki je gidan makoki ki faɗi na biyun ki ga abin da zai biyo baya. Baƙon da ya haddace su daga jeri ba shi da yadda zai san bambancin, kuma laifin na wanda ya ba shi jerin ne.

Abin ya fi damuna idan ya shiga harkar lafiya, wadda ita ce aikinki. Tomber dans les pommes, wadda a zahiri take cewa faɗawa cikin tuffa, na nufin suma, e, amma gajeriyar suma wadda aka farfaɗo daga gare ta, kuma akwai ɗan raha a cikinta. Labari ake bayarwa da ita bayan an tsira. Wani ya je a ɗebi jininsa, ya ga allura, sai gani aka yi ya zube. Wata ta tsaya a layi cikin zafin rana ba ta karya ba. Da yamma ana dariya ana cewa "il est tombé dans les pommes en voyant l'aiguille". Har ma sukan faɗe ta ba tare da an suma ba, don zuzuta mamaki: "quand j'ai vu la facture, j'ai failli tomber dans les pommes", da na ga takardar kuɗin saura kaɗan in suma. Wannan da failli ɗin ma shi ne inda ta fi daɗin ji, kuma in za ki fara gwada ta, daga nan nake ba ki shawara ki fara.

To ki ɗauka wata ma'aikaciyarku ce ta faɗi a ofis, idanunta suka juye, jikinta ya yi ta karkarwa, ta yi minti biyar ba ta san inda take ba, aka ce ki rubuta rahoto. In kika rubuta "elle est tombée dans les pommes", likitan zai gane an suma, ba wai ba zai gane ba. Amma kin riga kin raɗa masa cewa ƙaramin abu ne, kin kuma binne abubuwan da yake bukata. Abin da ya kamata ya gani shi ne "elle a perdu connaissance pendant environ cinq minutes", sannan "elle a eu des convulsions", sannan ko ta bugu a kai. Wanda bai farfaɗo ba kuwa "il est inconscient" ake cewa, kuma a Faransa in kika kira lamba 15 ko 112 abin da za a fara tambayarki ke nan, yana cikin hayyacinsa, yana numfashi. Farfaɗiya da doguwar suma ba su da alaƙa da tuffa ko kaɗan.

Haka ma kyankyason. Mutumin da ya shafe sati biyu ko fiye ba ya barci, ba ya cin abinci, abin da yake so da duk ya fita daga ransa, in ya ce wa likita "j'ai un peu le cafard" ya rage wa ciwonsa nauyi da bakinsa. Mu kuwa dama muna da halin ɓoye damuwa, a tambaye ka ka ce alhamdulillahi, sai ga wata kalma mai laushi ta zo ta ba mu mafaka. Ciwon damuwa sunansa dépression, kuma gara mutum ya faɗi abin da yake ji dalla-dalla da Faransanci mai sauƙi: ba na barci tun wata guda, ba na jin daɗin komai. Likita ba jarrabawar adon harshe yake yi maka ba.

Na ga masu koyo da yawa suna jin kunyar jimla mai sauƙi, kamar "je suis triste" ko "il s'est évanoui" ta 'yan firamare ce. Ba haka ba ne. Waɗannan su ne matsakaicin harshe, wanda yake shiga ko'ina, ofis da asibiti da gidan suruki. Kuma a nan yankinmu, a Maraɗi ko Yamai, abin da kunnena ya fi ji shi ne s'évanouir. Za a gane ki in kika ambaci tuffa, amma wani zai yi murmushi ya ce yau 'yar Paris muka samu.

Siffar maganar ma ba a taɓa ta. Le ɗin nan na avoir le cafard a kafe yake. In kika ce "j'ai des cafards" kin sanar da mutane cewa kyankyasai sun cika miki ɗaki, za a nuna miki mai feshi. Abin da aka yarda da shi shi ne un coup de cafard, ƙuncin da ya taso farat ɗaya, da "ça me donne le cafard" ga abin da yake jawo shi, kamar wata waƙa ko gidan da kowa ya watse. Akwai siffar da ake sa foutre a madadin donner, za ki ji ta a fim, ki bar musu kayansu, ta yi kaushi. Ita kuwa tuffa kullum jam'i ce, les pommes, kuma dans ake cewa. Tomber da être yake tafiya, don haka ke mace za ki rubuta "je suis tombée" da ƙarin e, ba "j'ai tombé" ba. Asalin maganar, wadda aka fara gani a rubuce a 1889, wasu suna kai shi ga tsohuwar kalmar se pâmer, wato suma, wasu kuma ga pommes cuites, dafaffiyar tuffa, da marubuciya George Sand ta yi amfani da ita a wata wasiƙa don nuna tsananin gajiya. Ko wanne ne, ba ya canza yadda za ki yi amfani da ita.

Game da jarrabawa: rubutun B2 aƙalla kalma 250 ne, kuma sau da yawa wasiƙa ce ta hukuma, zuwa ga magajin gari ko shugaban ma'aikata, ko kuma muƙala ta kare ra'ayi. Cikin abubuwan da mai dubawa yake aunawa akwai ko harshenki ya dace da wanda kike rubuta wa. In kina ƙorafin cewa zafi ya yi yawa a ɗakin aiki har wani ya faɗi, rubuta "un collègue a fait un malaise" ko "a perdu connaissance". Tuffa a wannan wasiƙar maki za ta ci miki. A ɓangaren saurare kuwa saninta zai amfane ki, domin mutanen da ake hira da su a rediyo suna iya faɗinta, kuma ana so ki gane nan take cewa ba zancen kasuwar 'ya'yan itace ake yi ba.

Allah Ya ba ki sa'a a jarrabawar, ki kuma aika wa shugabar taki layukan nan biyu yau, kada ki bari sai ta dawo aiki.