Gaisuwar Sallah da aka turo maka: yadda za ta koma taka

Tambaya daga wani mai karatu a unguwar Bukoki, Yamai:

"Malam, ni ɗan Tawa ne. Da Babbar Sallah na tura wa kawuna da ya rene ni wannan saƙo da aka turo mini: 'Ya 'yan uwa masu albarka, a wannan rana mai ɗimbin tarihi ina miƙa saƙon fatan alheri daga can ƙasan zuciyata zuwa gare ku da iyalanku. Allah ya sa hasken wannan rana ya haskaka rayuwarku. Zumunta a ƙafa take.' Amsar da ya ba ni ita ce: 'Wa ya rubuta maka?' Ina laifin saƙon, kuma yaya zan gyara shi?"

Amsa:

Ɗana, kawunka ya yi maka da sauƙi. Tun kafin ya karanta kalma ɗaya waya ta riga ta tona ka, domin tun 2018 WhatsApp yake sa alama a kan saƙon da aka tura daga wani wuri, wadda a wayoyinmu masu Faransanci take fitowa da `Transféré`. Amma ko da ka kwafe shi ka liƙa don alamar ta ɓace, dattijon zai gane, saboda babu shi a cikin saƙon, kai ma babu kai.

Dubi wanda aka kira tun farko: "'yan uwa masu albarka". Kawunka mutum ɗaya ne, kuma kana da sunan da kake kiransa da shi tun kana goye. "Ku" ɗin da ke cikin saƙon na taro ne, irin wanda mai jawabi yake faɗa a lasifika. Akwai wani "ku" na girmamawa da yaro yake yi wa babba, kuma abin da yake raba su shi ne kalmar da ta gabata. In ka ce "Kawu, kun tashi lafiya?" ka girmama shi. In ka ce "'yan uwa, gare ku" ka jefa shi cikin jama'a.

Babban ciwon kuwa yana wani wuri. Gaisuwar Bahaushe tambaya ce. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa in damina ce, yaya jiki in an yi jinya. Mai gaisuwa yana tambaya, wanda aka gaisar yana amsawa, a haka ake ta mayar wa juna har a gamsu. Sake karanta saƙonka ka nemi tambaya ko guda, ba za ka samu ba. Ba kuma zai yiwu a samu ba, tunda wanda ya tsara shi bai san wa zai karanta ba, balle ya san abin da ke damunsa. Shi ya sa irin waɗannan saƙonni suke cika da "ɗimbin tarihi" da "hasken rana", maganganun da suka dace da kowa don ba su shafi kowa ba. Ita kuwa "daga can ƙasan zuciyata" daga harshen Turawa aka ɗauko ta aka sa mata kalmomin Hausa. Ban taɓa jin wani ya durƙusa gaban babba a Adar, yankin Tawa, ya faɗe ta ba. Mu ba ma sanar da babba cewa muna ƙaunarsa, kunya ma ba za ta bari ba. Tambayar lafiyar jikinsa da za ka yi ita ce za ta gaya masa.

Sai karin maganar. "Zumunta a ƙafa take" magana ce mai kyau, ma'anarta dangantaka tana rayuwa ne da takawa a je a ga juna. To ka ga inda ka sa kanka: kana zaune a Yamai, ba ka je Sallah gida ba, ka aika wa wanda ya rene ka cewa zumunci sai da tattaki. Ko dai ka kai ƙarar kanka, ko kuma, abin da ya fi muni, ya ji kamar kana yi masa gorin bai zo ya gan ka ba. Karin magana yana da alkibla. Babba yana jefa wa yaro don ya yi masa faɗa a fakaice, yaro kuwa in zai kawo shi gaban babba sai ya juya bakinsa ya fuskanci kansa. Saboda haka ko ka cire shi, ko ka ɗora wa kanka laifin da ke ciki.

Kada ka ɗauka duk abin da kowa yake faɗa shi ne abin zubarwa. "Barka da Sallah" da "Allah ya maimaita mana" kowa yana faɗarsu, kuma dole su zauna, don su ne gaisuwar kanta, kawunka yana jiransu yana da amsarsu a baki. Abin cirewa shi ne adon da ba a amsa shi. Me mutum zai ce in an ce masa haske ya haskaka rayuwarsa?

Ga yadda zan so ka rubuta. Na sa shi da harshen gida, tunda da kawunka ba Hausar Kano kake yi ba: "lahiya" kake cewa, da "munka", da "Allah shi".

"Salamu alaikum Kawu, barkanku da Salla. Kun sauko Idi lahiya? Ina gajiyar layya? Bayan naku ya yi sauƙi? Bana aiki ya riƙe ni Yamai ban samu zuwa ba, ku yi mani gahwara. An ce zumunta a ƙahwa take, ni dai tawa ƙahwar ta gaza bana, amma bayan girbi ina tahe in Allah ya yarda. Da munka gasa rago a ƙohwar gida sai na tuna hantar da kuke aje mani. Ku gaida Hajiya da yara. Allah shi maimaita muna, shi ƙara maku lahiya da nisan kwana."

Ciwon baya da hanta ni na ƙago su don misali, kai ka san na gaskiyar. Ka sa abu ɗaya da ku biyu kaɗai kuka sani, ɗaya ya isa, kuma kada ka ƙirƙiro abin da bai faru ba, dattijo ba ya manta wanda ya ba hanta. Haka alkawarin zuwa: in ka san ba za ka je bayan girbi ba, share wannan layin, don zai riƙe shi ya ƙirga maka watanni. Batun jinya kuma a saƙonsa shi kaɗai ake yi, ba a zauren dangi na WhatsApp inda kowa yake karantawa ba.

Kafin ka aika, karanta shi da ƙarfi kamar kana tsugune a gabansa. Duk inda harshenka ya sarƙe, ko ka ji kunyar furtawa, wannan kalmar ba taka ba ce, fitar da ita. Sannan ka gwada canja "Kawu" da sunan maigidanka na wurin aiki. In saƙon ya tafi daidai ba tare da ka taɓa komai ba, da sauran gyara.

In kawun naka karanta masa ake yi, kada ka wahalar da kanka da rubutu. Danna ka yi masa saƙon murya da waɗannan kalmomi, ka bar ɗan numfashi bayan kowace tambaya yadda kake yi in kuna tare, kuma ka aika tun ranar Idi, kafin washegari a shiga hidimar rabon nama.