Abin da ya shiga takardar neman ƙarin matsayi, da abin da ya tsaya a waje

"Anti, ni nas ce a wani asibitin NHS a Ingila, shekarata huɗu a mataki na 5. An fitar da gurbin mataimakiyar shugabar ɗakinmu, mataki na 6. Ni na gyara takardar miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe, na kuma horar da sababbin nas uku. Wata abokiyar aikina ma tana nema, alhali kullum a makare take zuwa, ni nake rufa mata asiri. In faɗi haka a takardata? Kuma wallahi kunya nake ji in yabi kaina."

Ƙanwata, kada sunanta ya shiga takardar nan, kada ma ki yi shaguɓe irin na "saɓanin wasu, ni ba na makara". Masu tantancewa suna zama ne da jerin sharuɗɗan da aka liƙa wa tallar gurbin, wanda za ki gani da sunan person specification, suna ba da maki a kan kowane sharaɗi. Babu layin da ake samun maki don an tona laifin wata. Sannan ki tuna, idan Allah ya ba ki, ita wannan baiwar Allah a ƙarƙashinki za ta koma. Shugabar ɗakin da ta karanta habaici za ta tambayi kanta yadda za ki riƙe mutane. Maganar makara kuwa, in tana shafar majinyata, ki same ta da ita a keɓe wata rana daban.

Kunyar ce ta fi damuna, domin na ga ta kayar da 'yan'uwanmu masu ƙwazo. An raine mu da cewa yabon kai jahilci, sai mu cika takarda da "mun yi, mun gyara", mai karatu ya rasa ina hannunki yake. Wasu kuma su ce ai an san su a ɗakin, su rubuta layi biyar su tura. Abin da ba ki rubuta ba, ba za a ba ki makinsa ba, ko da shugabar ta gani da idonta. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Mafita ita ce ki gwada kanki da yadda aikin yake a da, ba da mutum ba. Ɗauki takardar miƙa aikin nan. Kada ki ce "abokan aikina ba sa cike bayanai, sai da na gyara". Ki ce wani abu kamar haka, ki mayar da shi Turanci: "Na lura tsohuwar takardar ba ta da gurbin rubuta maganin da aka jinkirta, don haka bayanin kan ɓace tsakanin dare da safe. Na tsara sabuwa, na nemi ra'ayin abokan aiki, shugabar ɗaki ta amince, kuma da ita ake aiki har yau." Kin ga laifin ya koma kan takarda, inda yake tun asali. "Na" ta tsaya a kan abin da kika yi da hannunki, abokan aikinki kuma sun fito a matsayin waɗanda aka yi shawara da su.

Sai ki rufe da sakamako. Ki duba binciken da ake yi wa takardun ɗakinku, ki ga me ya nuna kafin gyaran da bayansa. In akwai adadi, ki saka shi yadda yake, kada ki ƙara masa gishiri, don za a iya tambayarki a ganawa. In babu, ki faɗi abin da kowa zai iya tabbatarwa: wata nawa aka yi ana amfani da ita, ko wani ɗaki ya ara. Haka nas ukun nan: wata nawa kika yi da kowacce, me suka iya yi su kaɗai bayan nan. Fayil ɗin da kike tarawa don sabunta rajistarki da NMC, hukumar rajistar nas ta Birtaniya, duk shekara uku, akwai ra'ayoyin da aka bayar kan aikinki guda biyar a ciki, ki koma ki tsinto misalai. Amma kada sunan majinyaci ko wani abin da zai sa a gane shi ya fito.

Ki bi sharuɗɗan da aka ce wajibi ne ɗaya bayan ɗaya, a jere yadda suka zo, kowane da misalinsa.

In da bizar aiki kike zaune, kafin ki sa hannu a sabon matsayin ki tambayi ofishin kula da ma'aikata ko lambar rukunin sana'ar da ke kan takardar ɗaukar nauyinki za ta canza. In ta canza, sai kin sabunta biza kafin ki fara. In tana nan yadda take kuma ma'aikatar ɗaya ce, yawanci ba sai kin sake nema ba, amma ki sa su rubuto miki amsar ki adana. Allah ya ba da sa'a.