Kalar zobon da ta ƙi fitowa daidai

Tambaya: "Salamu alaikum Yaya, don Allah kalar kamfanin zobona #7A1F3D ce, na sa lambar a cikin umarnin haɗa hoto na AI ya fi sau goma, yau ja wur gobe ruwan hoda. Ni ce ban iya ba ko me?"

Amsar da ya turo ta murya, ga ta a rubuce saboda masu ƙarancin data:

Wa alaikumus salam ƙanwata, to ba laifinki ba ne wallahi, nima haka na yi ta fama da farko har na ɗauka injin ne ke raina min hankali. Abin da yake faruwa shi ne, ita wannan lambar da kike gani, manhaja irin su Photoshop da Canva su ne suke karanta ta a matsayin lissafi, 7A ja ne 122, 1F kore ne 31, 3D shuɗi ne 61, su haɗa su ba ki kalar cif. Shi kuwa injin haɗa hoto ba haka ya koyi kala ba, ya koya ne daga hotuna masu ɗimbin yawa da rubutun da mutane suka sa a ƙasansu, kuma ki faɗa min wa kika taɓa gani ya ɗauki hoton riga ya rubuta lamba a ƙasa? Cewa zai yi jar riga. To idan kika ba shi lambar sai ya daddatsa ta gutsi-gutsi kamar kowane rubutu, ya rasa hoton da zai jingina ta da shi, sai ya yi canke, wani lokacin ma ya ɗauka rubutu ne kike so ya manna miki lambar ɓaro-ɓaro a jikin kwalba. Sababbin injina sun ɗan fara kamo kusa da lamba, ban musa ba, amma kusa ba daidai ba ne.

Don haka sai ki fassara masa lambar zuwa maganar mutane. Ni yadda nake yi, sai in buɗe wajen zaɓen kala a Photopea tunda kyauta ne kuma yana buɗuwa a burauza, in liƙa lambar, in duba H da S da B, wato nau'in kalar, ƙarfinta da haskenta. Taki na duba, H wajen 340, S 75, B 48. Ma'ana ja ce amma ta karkata wajen shunayya, tunda tsantsar ja tana kan 0 ne ko 360, sannan tana da ƙarfi ba koɗaɗɗiya ba ce, kuma tana da duhu, haskenta bai kai rabi ba. Kin ga abu uku kenan da za ki faɗa masa da baki, wace kala ce, ina ta karkata, yaya duhunta yake.

Yanzu sunan kalar, nan ne ake yawan zamewa. Mu nan duk ja mai duhu maroon muke ce mata, to kar ki rubuta haka. Abin da kwamfuta ta sani da maroon shi ne #800000, babu shuɗi ko ɗigo a ciki, shi ya sa yake fita kamar jar ƙasa, kamar bulo. Wadda ta fi kusa da taki ita ce burgundy, wadda aka saba ba ta #800020, H ɗinta 345, tazarar 5 kacal da taki. Sai ki ƙara mata kalmar da za ta ɗan ja ta wajen shunayya. Da Turanci za ki rubuta tunda shi injinan suka fi ji, ga irin yadda zan sa:

```
plastic bottle with a deep burgundy label, dark red with a slight
purple tint, matte, plain off-white background, soft neutral studio light
```

Wani abu kuma, ki yi hattara da sunan kalar da asalinsa sunan wani abu ne. Akwai ranar da nake wa wata Hajiya tallan lemo na rubuta wine red, sai ga kofin giya zaune daram kusa da kwalbar, innalillahi, Allah ya so ni na lura kafin in tura mata da na sha kunya. Shi injin bai raba kala da abin ba, ya ji sunan sai ya kawo kayan. Ke ma za ki ji kamar ki rubuta hibiscus tunda zobo ne, kar ki fara, fure zai kawo miki ja mai haske irin na lambun otal, ba busasshen zobon da muke jiƙawa ba. In dole sai kin yi amfani da irin sunan nan to ki manna shi da abin da kike so ya ɗauki kalar, kamar wine-colored label, kar ki bar shi yana yawo shi kaɗai a jimla.

Haka nan kowace kala ki ɗaure ta da abinta. In kika ce burgundy kawai kika wuce sai ta malale, bango ya ɗauka, tebur ya ɗauka, har hannun wanda ya riƙe kwalbar ya yi ja-ja. Shi ya sa kika ga na faɗi kalar bango daban.

Sai haske, wanda ni a ganina shi ya fi ɓata wa mutane aiki fiye da komai. Ki tuna yadda ake yi a Kwari, ba a sayen atamfa a ƙarƙashin ƙwan shago, sai an fito da ita bakin ƙofa an gani. To in kika rubuta golden hour ko warm light saboda hoton ya yi kyau, hasken rawaya zai hau kan jar ya mayar da ita ruwan ƙasa, ki yi ta canza sunan kala alhali ba nan matsalar take ba. Ki fara da farin haske tukunna har kalar ta zauna, daga baya ki yi wasa da haske in kina so.

In hoto ya fito kar ki yarda da idonki, ballantana waya mai Eye comfort a kunne da daddare, wanda ke mayar da allo rawaya-rawaya. Ki sauke hoton ki kai shi Photopea ki ɗauki Eyedropper, abin ɗauko kala daga hoto, ki taɓa tsakiyar lebul ɗin, ba inda haske ke ƙyalli ba kuma ba cikin inuwa ba, waje biyu ko uku. H za ki fi zuba wa ido, shi B dole ya yi ta hawa da sauka saboda inuwa kuma haka ake so, in ba haka ba hoton zai zama kamar an shafa fenti. In H ya nuna miki 5 ko 10 ya gudu wajen ruwan lemo kenan, ki ƙarfafa maganar shunayya. In ya sauko 320 ya zarce, ki cire ta. Kalma ɗaya za ki riƙa canzawa a kowane zagaye, kuma in injinki yana da seed, wato lambar da yake fara haɗa hoto da ita, ki bar ta yadda take, in ba haka ba ba za ki san me ya kawo canjin ba.

Ni da zarar ya shigo tsakanin 335 da 345 na daina ƙona kiredit, sai in zagaye lebul ɗin in ƙarasa da Hue/Saturation a Photopea, minti biyu ne. Injina irin su Ideogram da Recraft suna da wajen sa kala na musamman, can za ki iya liƙa lambarki tunda gurbinta ne, amma duk da haka ki auna.

Tambarin kuwa kar ki bari injin ya zana miki shi sam, ki ce ya bar lebul ɗin fili, ki ɗora ainihin tambarinki a Canva da lambarki ta gaskiya. In kin gwada ki turo min hoton a matsayin Document don kar WhatsApp ya matse shi, zan auna miki in na dawo daga sallah.